Kuɗin Takardu a Rabon Gado: Bisa Kawuna ko Bisa Rabo? Nazari a kan Wata Fatawa da Ta Yaɗu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin wasu masu rabon gado a biranenmu. Idan mamaci ya bar gida mai takardar shaidar mallaka, aka zo sauya sunan da ke kanta, sai a tara dukkan abin da aka kashe, da harajin kan sarki da kuɗin rajista da na neman amincewar Gwamna da ladan safiyo, a raba wa magada daidai wa daida bisa adadin kawunansu. In an nemi hujja, sai a ce haka mazhabar Maliki ta zo da shi. Wannan maƙala tana ganin cewa naƙalin daidai ne, amma an ɗora shi a inda ba muhallinsa ba.

Ya kamata a fara da yi wa masu wannan ra'ayi adalci. Abin da ya shahara a mazhaba, kamar yadda yake a babin ƙisma na Mukhtasar Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, shi ne ladan mai rabo yana kan adadin masu tarayya, kuma an riskar da marubucin wasiƙa da shi. Imamu Abu Hanifa ma a kan haka yake, alhali Shafi'iyya da Hanabila suna ganin a biya gwargwadon rabo. Illar Malikiyya a bayyane take: wahalar da mai rabo yake sha wajen ware ƙaramin kaso ba ta gaza ta ware babba ba, wani lokaci ma ta fi. Ladan nan fansar aiki ne, aikin kuwa yana bin yawan mutanen da aka yi wa.

To, shin wannan illa tana cikin kuɗaɗen da hukuma ke karɓa? A nan ne kuskuren ya shigo, domin an haɗa abubuwa mabambanta a ƙarƙashin suna guda, wai kuɗin takardu. A Nijeriya babu harajin gado na tarayya tun da aka soke dokar 1979 mai ɗora haraji a kan sauyin mallakar dukiya, a shekarar 1996. Abin da magada ke gamuwa da shi ya samo asali ne daga wasu dokoki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta hana mai takardar mallaka ya miƙa haƙƙinsa ga wani ba da amincewar Gwamna ba, sashe na 24 kuma ya hana a tsaga wannan haƙƙi gida biyu ko fiye a dalilin mutuwa sai da amincewarsa. Sannan akwai harajin kan sarki a kan takardar cinikin, da kuɗin shigar da ita rajistar filaye ta jiha. Galibin waɗannan ana ƙiyasta su ne da kaso cikin ɗari na darajar gidan. Ko magada biyu ne ko ashirin, adadin bai sauyawa. Abin da ke ɗaga shi ko ya sauke shi shi ne ƙimar dukiyar.

Mu buga misali, tare da lura da cewa kason da ake karɓa ya bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka alƙaluman nan na ƙaddarawa ne. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3, da gida mai darajar naira miliyan 40. Asalin mas'ala 8 ne: matar tana da sumuni, wato kaso 1, kowane ɗa kaso 2, kowace 'ya kaso 1. Kowane kaso ya kama miliyan 5. A ƙaddara cewa kuɗaɗen da ke bin daraja sun kai kashi 3 cikin ɗari, wato naira 1,200,000. In aka raba bisa kawuna 6, kowa zai biya 200,000. Ga 'yar da ta gaji miliyan 5, wannan kashi 4 ne cikin ɗari na rabonta. Ga ɗan da ya gaji miliyan 10, kashi 2 ne kawai. In kuwa aka bi rabo, kowane kaso zai ɗauki 150,000, ɗa ya biya 300,000, 'ya da matar mamaci kowace ta biya 150,000. Ke nan ta hanyar farko an karɓi naira 50,000 daga kowace mace daga cikin huɗun nan, jimla 200,000, an sauƙaƙa wa maza biyu da ita. Bayan an cire kuɗin, 'ya ta tashi da 4,800,000, ɗa ya tashi da 9,800,000, wanda ya zarce ninkin rabonta. An taɓa ma'aunin da Alƙur'ani ya ajiye, da sunan bin mazhaba.

Wannan shi ne ƙiyasi tare da bambanci. Abin da ya fi dacewa da ƙa'idar cewa asara tana tare da riba shi ne a rarrabe. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ya taru a kan mamaci tun yana raye bashi ne, a fitar da shi daga tarika kafin wasiyya da rabo. Abin da aka karɓa bisa darajar gida don amfanin magada duka a cire shi daga kan dukiyar kafin a raba, wanda hakan daidai yake da biya gwargwadon rabo. Ladan safiyon da ya tsaga fili da na marubucin da ya rubuta takardar rabo, idan an yanke shi a kan aiki, shi ne muhallin maganar Khalil, sai ya bi kawuna.

Akwai sura ta huɗu da aka fi zaluntar masu rauni a cikinta. Sau da yawa gida ba ya tsaguwa, sai babban ɗa ya ce zai riƙe shi ya biya sauran haƙƙinsu. Wannan ciniki ne, ko da an kira shi sulhu. Kuɗin mayar da takarda zuwa sunansa amfaninsa ne shi kaɗai, kuma al'adar kasuwa ta gudana a kan cewa mai saye ke ɗaukar nauyin tabbatar da mallakarsa. Cire wannan kuɗi daga tarika yana nufin gwauruwa da marayu sun taya shi sayen gidansu. Haka nan kyauta: idan uba ya ba ɗansa gida yana da lafiya, ɗan ya karɓa ya yi hauzi, amma aka bar takarda da sunan uban don gudun kashe kuɗi, to kuɗin gyara ta bayan mutuwa yana kan wanda aka yi wa kyautar. Jinkirin ma yana da haɗari, domin sashe na 26 na dokar ya ɓata duk miƙa haƙƙin da ya saɓa mata, sai a wayi gari fiƙihu ya inganta kyautar amma rajista ba ta san da ita ba.

Wani zai ce waɗannan kuɗaɗe duka makasu ne na zalunci, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakuna a Kitabul Farƙi saboda cin dukiyar mamata. Wannan bahasi ne mai zaman kansa, amma ba ya ceton ra'ayin da muke nazari. Ko an ce kuɗin halas ne ko zalunci, a kan dukiyar ya sauka kuma da ita aka auna shi, don haka gwargwadon rabo ya kamata a ɗauke shi.

Abin da ake nema daga mai rabon gado kaɗan ne: ya karɓi rasit ɗin kowane kuɗi, ya tambayi da me aka auna shi, da daraja ko da aiki, kuma wa ya amfana. Amsar waɗannan ita za ta nuna masa wanda zai biya. Allah ne Mafi sani.