Ƙwarya a Hannun Matacciya: Sharhi a Kan Fassarar Wani Mafarki

Wata huɗu bayan rasuwar kakarmu, gwaggona ta fara wani mafarki da ya yi ta dawo mata. Takan ga mahaifiyar tata tsaye a gindin tsamiyar da ke bayan tsohon gidanmu na ƙauye, riƙe da ƙwarya babu komai a ciki, tana miƙo mata, ba ta cewa uffan. Mafarkin ke nan gaba ɗayansa. Amma kafin damina ta fita an yi masa fassara uku, kuma ni da na taso ina nazarin adabi sai na ga ana yi masa abin da muke yi wa gajeren labari: kowa ya kama kalma ɗaya ya gina hukuncinsa a kanta.

Tsofaffin matan gidan tsamiyar suka kama. A wurinsu ba kaka ce mai saƙon ba, 'yar aike ce. Wannan ya dace da tsohuwar al'adar Bahaushe, wadda ba ta ba matattu irin matsayin da ta ba iskoki ba. Abin da ake gada a gida shi ne iska da alkawarin da aka ɗaukar mata, kuma tsamiya da kuka su ne sanannun mazaunanta. Sai aka tuno cewa kakar kakarmu 'yar bori ce, kuma an daɗe ba a zuba komai a gindin bishiyar ba. Ƙwarya kuwa ta nono ce, nono kuma na Inna Bafillatana ne, wadda Hausawa suka jingina wa shanyewar ƙafa har suka kira cutar shan inna. Saboda haka a zuba nono, in hali ya yi a yanka farar dabba, tun kafin abin ya faɗa kan yaran gidan.

Ban yarda da wannan fassara ba, amma ba zan ce ta shirme ce ba. Ta karanta kowace alama, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ta kuma ba gwaggo aikin da za ta yi da hannunta. Aibinta shi ne ba ta da ƙofar fita. In an zuba nonon mafarkin ya tsaya, an tabbata. In bai tsaya ba, nonon ne ya yi kaɗan. Fassarar da babu abin da zai iya ƙaryata ta, mai ita ba zai taɓa gama biyan bashi ba.

Limamin unguwarmu, tsohon malamin zaure, ƙwaryar ya kama ya bar tsamiyar. Ya ce mamaci ba ya jin yunwar tuwo, yunwar addu'a yake ji. Ya sa aka dama gumba aka toya waina aka raba wa almajirai ranar Juma'a, ladan ya je mata. Wannan ita ce hanyar da malaman zaure suka daɗe suna bi: ba su rushe tsoron mutane, sai su canza masa alƙibla. Abincin dai ya fita daga gidan kamar yadda tsofaffi suka so, amma ya shiga cikin mai rai, da sunan Allah. Na ga hikimar wannan, domin ya raba gwaggo da gindin tsamiya ba tare da ya kira iyayenta mushirikai ba. Sai dai shi ma ya amince, ba tare da bincike ba, cewa wadda aka gani kakar ce da gaske.

Na uku shi ne ƙanen mijinta, matashin malami mai ruƙiyya, irin waɗanda suka yawaita tun bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Shi bai kama tsamiya ko ƙwarya ba, fuskar ya ƙaryata. Ya ce aljani ne ya ari kamannin marigayiyar don ya ja gidan zuwa yanka ga wanin Allah. Ya umarce ta da ta yi tofi sau uku ta hagu, ta nemi tsari, ta juya kwanciya, kada ta sake ba kowa labari. Umarnin nan yana da tushe a hadisai ingantattu game da mummunan mafarki, kuma gargaɗinsa a kan yanka daidai ne. Inda na saɓa masa shi ne saurin da ya yi wajen sa wannan mafarki cikin munana. Gwaggo ba ta farka a firgice, takan farka tana kuka ne. Cewa da maraya fuskar uwarta shaiɗan ce, sannan a hana ta magana, ya rufe bakinta, bai rufe mafarkin ba.

Abin mamaki, hadisin da malaman biyu suka sani ya kasa mafarki gida uku ne: na bushara daga Allah, na baƙantawa daga Shaiɗan, da wanda mutum ke zantawa da ransa. Liman ya ɗauki na farko, matashin ya ɗauki na biyu, na ukun ya rasa mai ɗauka. Ina ganin dalilin a fili yake: kashi na uku ba ya buƙatar gwani. Ba a yanka, ba a tofi, sai dai a zauna a tambayi mai mafarkin abin da ke cin ta. An san Muhammad ibn Sirin, wanda sunansa ke kan littattafan fassarar mafarki da ake sayarwa a bakin masallatai, da duba halin mai tambaya kafin ya amsa, har mutum biyu su kawo mafarki iri ɗaya su tafi da amsa daban. Mu kuwa mun mai da sunansa ƙamus: ƙwarya kaza, tsamiya kaza.

Da wani ya tambaya, da ya ji abin da na ji daga baya. A gindin wannan tsamiya kaka take ajiye furar sayarwa, kuma wata Bafillatana ce ke kawo mata nono bashi, ana biya ranar kasuwa. Ta rasu da kuɗin wasu makonni a kanta. Gwaggo ta sani, ta yi niyyar biya, sai rabon gado ya rikice, kowa ya kama kansa, ita kuma kunya ta hana ta tayar da maganar kuɗin nono a gaban masu jayayya a kan gona. Tsamiyar gaskiya ce, ƙwaryar gaskiya ce, har Bafillatanar ma gaskiya ce, sai dai mutum ce mai rai, tana rugarsu.

Ba ina nufin kowane mafarkin mamaci damuwa ce kawai ba. Littattafan tarihi sun kawo labarin Sabit ibn Ƙais, wanda ya yi shahada a yaƙin Yamama, aka gan shi a mafarki yana faɗin inda sulkensa yake da bashin da ke kansa, Sayyidina Abubakar kuma ya zartar da wasiyyar. Amma ko a can, sai da aka je aka samu sulken a inda ya ce. Wato an gwada mafarkin da abin da ido ke gani, kuma abin da ya nema haƙƙin masu rai ne. Wannan ma'aunin ne ban gani ba a wurin mutanenmu uku.

Gwaggo ta yi gumbar liman, ta yi tofin ƙanen mijinta, kuma ina kyautata zaton wata tsohuwa ta zuba nonon a ɓoye. Da kaka ta yi, ta sayar da akuyarta ta aika da kuɗin ruga. Mafarkin ya daina zuwa a wajen wannan lokaci, kuma har yau kowane ɗaya daga cikin ukun yana cewa maganinsa ne ya ci.