Sannu Ɗaya, Turanci Iri-iri

Wanda ya ratsa Kasuwar Shaikh Abubakar Gumi ta Kaduna da hantsi zai ji "sannu" ta kowace kusurwa. Ana yi wa ɗan dako da ya sauke buhu, da tsohuwar da ta yi tuntuɓe, da baƙon da ya iso daga tashar Kawo. Tun da Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917 Hausa da Turanci suke gogayya a bakin mutanenta, kuma har gobe wannan kalma tana ba masu fassara wuya.

Dalili kuwa shi ne sannu ba ta faɗin abin da ya faru. Aikinta ta nuna wa mutum an ga halin da yake ciki, an kuma damu. Halin kansa sai a ji shi a abin da ya biyo bayan "da": zuwa, aiki, jiki, hanya, haƙuri. Turanci ba shi da kalma guda mai wannan faɗi, don haka dole mai fassara ya fara duba halin kafin ya zaɓi lafazi.

A ce ma'aikaciya a wani ofis da ke Unguwar Rimi za ta tura wa abokiyar aikinta Baturiya saƙon waya. Idan Baturiyar ta sauka daga tafiya, "sannu da zuwa" ba ta da matsala, "welcome" ta wadatar. Idan tana kwance a Asibitin Barau Dikko, "sorry" ita kaɗai na iya ɗaure mata kai, domin a kunnenta tsurar kalmar ta fi kama da neman afuwa. Alamar an yi kuskure ita ce ta amsa da cewa ai ba laifinki ba ne. Abin da ya dace shi ne "get well soon". In faɗuwa ta yi, Bature tambaya yake yi: "are you all right?" In rasuwa aka yi mata, "sannu da haƙuri" ta koma "my condolences".

Mafi wuya ita ce "sannu da aiki". A Turancin Najeriya "well done" ta tsaya a gurbinta, kuma kowane ɗan Kaduna ya gane gaisuwa ce. Amma a Ingila yabo ne da ake yi bayan an kammala aiki, galibi daga babba zuwa ƙarami. Masinja ya faɗa wa shugabar ofis tana tsakiyar rubutu, sai ta ji kamar yana ba ta maki. A nan gaisuwar lokaci, irin su "good morning", ta fi aminci. In kuwa domin kai ake wahalar, godiya ce ta dace.

Saboda haka tambaya uku ke gaban mai fassara: me ya sami mutumin, shin da hannun mai magana a ciki, kuma wane Turanci mai sauraro yake ji? Ga ɗan gida, kada a raina Turancin gida, domin ya ɗauko ladabin Hausa. Ga baƙo kuwa, a ba shi lafazin da zai sa ya ji an kula da shi.