Akushin da Aka Kife a Zaure

Mu da muka tashi da waƙoƙin wa'azi mun saba da waƙa mai kulle ƙofarta. Marubuci zai ce tammat, ya yi hamdala da salati, ya faɗi sunansa, wani lokaci har da yawan baitoci da ramzin shekara, kamar yadda aka gada daga malaman zamanin jihadin 1804. Ban ga laifinsu ba, domin mai wa'azi so yake ka tashi da hukunci a hannu. Ko Sa'adu Zungur, da ya raɗa wa waƙarsa suna mai tambaya, "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya", bai bar mana zaɓin ba. Ɓangarensa a fili yake.

Abin da ya sa na tayar da zancen shi ne wata waƙa da wata mai sauraro daga Nkomkana ta aiko wa shirina. Uwa ce ke magana. Ɗanta ya shiga jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré bayan sun yi cacar baki, kuma tun ranar take ajiye masa tuwo a zaure kowane dare. Ga baitin ƙarshe:

Da asuba na iske akushi a zaure,
An wanke, an kife, an jawo ƙyaure.

Nan ta tsaya. Wani dattijo daga Briqueterie ya bugo waya yana cewa ba a ƙarasa waƙar ba. Ni kuwa na ce an ƙarasa ta. A duba: "an" ta ce har sau uku, ta ɓoye mai aikin. Baƙo mai yunwa zai ci ya wuce. Wanke akushi sai wanda ya san gidan. To, ɗan ne ya dawo, kunya ta hana shi sallama? Kuma da ya jawo ƙyauren, yana ciki ne ko yana waje? Dawowa da bankwana duk suna da hujja a ɗangon nan guda.

Da haka nake rabe buɗaɗɗen ƙarshe da waƙar da mai ita ya gaji ya ajiye alƙalami. Akushin ya fito tun baiti na biyu, saboda haka ba daga sama ya faɗo ba. Da tsuntsu ta kawo a ƙarshe, ba mu taɓa jin labarinsa ba, da na bi bayan dattijon. Inda nake da ƙorafi shi ne baitin da ya gabata, inda uwar ta ce zuciyarta ta ba ta yana hanya. Wannan ya ɗan karkata sikelin, gara a cire shi.

Kuskuren ranar nawa ne. Na karanta ɗangon ƙarshe da murya mai fara'a, sai masu sauraro da dama suka bugo suna yi wa uwar barka. Da aka maimaita shirin na sake ɗauka, na daidaita murya, na yi shiru na daƙiƙa uku kafin kiɗa ya shigo.