Wa Za a Fara Gaisarwa? Nazari a Kan Gaisuwar Zaman Makoki

Mutumin da ya iso wurin da jama'a ke zaune yana da aiki biyu a gabansa, kuma yawan kuskure daga haɗa su yake zuwa. Na farko sallama ce, wadda ake yi wa wurin baki ɗaya. Na biyu gaisuwa ce ta mutum da mutum, wadda ake tambayar kwana da gajiya da iyali. Sallama ba ta da jeri, ta game kowa a lokaci guda. Gaisuwa kuwa dole sai an fara da wani, kuma wanda aka fara da shi kowa na gani.

A ɓangaren sallama malamai sun sauƙaƙa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban zaure ke karantawa a ƙasar Hausa, ta nuna cewa mutum ɗaya ya yi sallama a madadin tawagarsa ya wadatar, haka ma mutum ɗaya ya amsa a madadin mazauna. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kuma fayyace wanda zai fara: na kan abin hawa ya yi wa na ƙasa, mai tafiya ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa. Saboda haka dattijon da ya tarar da samari a zaune shi ne zai yi sallama, duk da furfurarsa. Amma da zarar an amsa, lamarin ya juya, samarin ne za su rusuna su ce masa ina kwana.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne zaman makoki, domin a nan ne girma iri-iri ke haɗuwa a kan tabarma ɗaya. A ɗauki saurayi da ya je ta'aziyyar mahaifin abokinsa a wata unguwa cikin birnin Kano, da hantsin rana ta biyu. An kafa rumfa a ƙofar gida. A tsakiya ga limamin unguwa da mai unguwa, kusa da su ƙanen mamacin, can gefe 'ya'yan mamacin, abokin nasa na cikinsu. Akwai maƙwabta, akwai kuma wani attajiri da saurayin ke yi wa aiki a kasuwa.

Zai tsaya a bakin tabarma ya yi sallama da muryar da kowa zai ji, ya tuɓe takalmi, ya nemi gefe ya zauna. Idan ya tarar ana cikin addu'a, ba ya gaida kowa, ko da ubangidansa ne ya kalle shi. Zai ɗaga hannu ya shiga cikin masu cewa amin har a shafa. Idan ba a cikin addu'a, sai ya roƙi liman ya yi, tunda ba ya kyautu yaro ya ja addu'a malami na zaune. Bayan an shafa Fatiha ne ake buɗe gaisuwa.

Zai matsa gaban dattawan ya durƙusa, ya gaida liman da mai unguwa a taƙaice, ba tare da ya miƙa hannu ba sai in su suka miƙo. Daga nan ya juya ga ƙanen mamacin, kuma a nan zai daɗe: "Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Shi ne mai karɓar gaisuwa, shi ne babban masu rashin. Bayansa sai 'ya'yan, daga babban wa zuwa ƙasa, ko da abokin nasa shi ne auta. Ragowar jama'a kuma ya haɗa su da kalma ɗaya, "Sannunku da zama, ya muka ji da haƙuri?" Attajirin yana cikin wannan rukuni, ko kuma ya same shi daga baya ya gaishe shi cikin ladabi. A kasuwa shi ne farko, amma yau ba shi aka yi wa rasuwa ba.

Wasu za su ce ai mai rashin ya kamata a fara da shi tun kafin liman, kuma a wurare da yawa haka ake yi, musamman idan shi ma dattijo ne. Ban ga aibu a ciki ba. Abin da duk hanyoyin biyu suka yarda da shi shi ne dalilin taron ne ke tsara jeri. Shekaru da ilimi da sarauta suna samun gaisuwar girmamawa, mai rashi yana samun gaisuwar da aka zo dominta. Wanda ya tsallake su duka ya nufi mai kuɗi, ya bar marayu suna kallonsa, ya faɗa wa unguwa abin da ya kawo shi. Wannan ɗabi'a tana yawaita, kuma tana ɓata mini rai ƙwarai, domin masu rashi ba sa mantawa da ita.

Akwai kuma masu bin dama. Idan mazauna tsara ne, ko baƙo bai san wane ne wane ba, sai ya fara musabaha daga hannun damansa ya zagaya. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da hadisin da Annabi (SAW) ya sha madara ya miƙa wa Balaraben ƙauye da ke damansa, alhali Sayyidina Abubakar yana hagunsa. Hadisin a kan abin sha yake, malamai ne suka yi ƙiyasi, shi ya sa wasu ke fifita farawa da babba. Amfanin bin dama shi ne ba wanda zai ce an raina shi, tunda wurin zama ne ya yi zaɓin. Sharaɗinsa guda ne: in ka fara, ka ƙarasa. Wanda ya gaisa da mutum huɗu ya tsaya a kan na biyar ya fi wanda bai miƙa wa kowa hannu ba laifi. Idan taron ya yi yawa, gara a ɗaga hannu biyu a gaida kowa a jimlace, sannan a keɓe masu rashin.

A cikin gida, wurin mata, jerin ya fi tsauri. Mai shigowa za ta yi sallama daga tsakar gida, ta ce sannunku, sannan ta nufi mahaifiyar mamacin idan tana raye. Bayanta sai matan da ke takaba, uwargida tukuna, sannan mai bi mata, har zuwa amarya. Ko da amaryar ce ƙawarta, ko ita ce 'yar uwarta, ba ta fara shiga ɗakinta. Uwargidan da aka tsallake ba za ta ce komai ba a ranar, amma maganar za ta taso bayan arba'in, wani lokaci har ta shiga cikin rikicin gado.

Ana gane an yi kuskure daga amsa. Wanda aka tsallake aka dawo masa daga baya yakan ce "lafiya" ya kau da kai, ba ya mayar da tambaya, ba ya cewa ya mutanen gida. Wani dattijon kuma zai ce, "A'a, ashe ka gan mu." Gyaran a nan take ake yinsa: a koma gabansa a durƙusa, a ce "Baba, a yi mini afuwa, ban lura ba," a sake gaisuwar daga farko. Yawanci wani na kusa yakan taimaka tun kafin a kai ga haka, ya raɗa wa baƙo cewa ga ƙanen marigayin can. Baƙon da bai san gidan ba, tun a bakin rumfa ya kamata ya tambayi wani yaro wane ne ke karɓar gaisuwa, kafin ya tuɓe takalminsa.