Auna lodi da ƙarfin igiyar ruwa

Akwai wata dabara ta manajojin kuɗi a kasuwannin hannun jari na New York da Landan da ta daɗe tana burge ni, don mai yinta ba ya da'awar sanin gobe. Bai san ko farashi zai hau ko zai faɗi ba. Abin da yake tambaya kawai shi ne, yaya ƙarfin girgizar kasuwa a 'yan kwanakin nan? Da amsar yake yanke yawan kuɗin da zai zuba, kamar mai kwale-kwale da ke duban ruwa kafin ya ce buhu nawa za a loda.

Bari mu bi lissafin. A ce mutum yana da dala 100,000, ya kuma yanke cewa girgizar da zai iya jurewa kashi 10 cikin ɗari ce a shekara. Kasuwa tana ci kusan kwana 252 a shekara, tushen murabba'in 252 kuwa ya kusa 16, don haka sai ya raba 10 da 16. Ya sami kashi 0.625 a rana, wato dala 625. Wannan ita ce hawa ko saukar da ya amince ya gani a aljihunsa a rana ta yau da kullum, kuma ita ce ba ya taɓawa. Sauran duk suna canzawa.

Sai ya auna kasuwar. Ya jera canjin farashin kwana ashirin na baya, kashi cikin ɗari, a kwamfuta, ya rubuta:

```
=STDEV(B2:B21)
```

In S&P 500 tana motsa kashi 1 a rana, ya raba 625 da 0.01, ya zuba dala 62,500, ragowar ta zauna. In hankali ya tashi motsin ya kai kashi 4, kamar yadda aka gani har fiye a watan Maris na 2020, lodinsa ya koma dala 15,625. Kuɗin da ke cikin kasuwa ya ragu zuwa rubu'i, amma abin da ke hana shi barci yana nan a 625.

Me ya sa jiya za ta faɗi wani abu game da gobe? Saboda girgiza ba ta zuwa ita kaɗai. Tun a 1963 Benoit Mandelbrot, da yake nazarin farashin auduga, ya lura manyan canje-canje suna bin manya, ƙanana suna bin ƙanana. Robert Engle ya ba abin tsarin lissafi a 1982, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2003. Alkiblar farashi tana da wuyar hasashe ƙwarai, amma ƙarfin motsinsa yana da ɗan jinkirin sauyawa, kuma a wannan 'yar tazara dabarar take cin abincinta.

Gwaninta tana fitowa wajen zaɓen tsawon kwanakin awo. Ka ɗauki kwana goma, kullum kana saye da sayarwa, la'adar dillalai ta cinye ka. Ka ɗauki shekara guda, sai gobara ta gama cin gida kafin ka ji warin hayaƙi. Shi ya sa da yawa suke ba kwanakin kusa nauyi fiye da na nesa, kuma ba sa taɓa lodi sai ya kauce wa abin da lissafi ya ce da tazara mai kauri.

Ni dai a ganina, inda ake gane ƙwararre shi ne lokacin da kasuwa ta yi tsit. In motsi ya sauka zuwa rabin kashi ɗaya a rana, lissafi zai ce zuba dala 125,000, wato ka ciyo bashi. Shekarar 2017 haka ta kasance a Amurka, lafiya lau, sai ranar 5 ga Fabrairun 2018 S&P 500 ta faɗi da kusan kashi 4 a yini ɗaya, ta sami masu wannan lissafi da lodi maƙil. Na Switzerland ya fi muni. Tun 2011 babban bankin ƙasar yake hana yuro sauka ƙasa da faran 1.20, farashin ya kwanta kamar ruwan randa. Ranar 15 ga Janairun 2015 ya janye hannunsa ba sanarwa, faran ya yi tsalle cikin mintuna, ba wanda ya sami damar rage komai. Wanda ya ga yadda aka saki naira a Yunin 2023 ya san irin wannan shiru: ba lafiya ba ce, riƙewa aka yi.

Don haka gwani yana sa wa lissafinsa linzami. Yakan ce kome kwanciyar kasuwa ba zai wuce ninki ɗaya da rabi na jarinsa ba, ko kuma in awon ya faɗi ƙasa da wani mataki ya ƙi yarda da shi. Akwai kuma kuɗin da yake biya da saninsa. Bayan 23 ga Maris na 2020 kasuwa ta juyo sama da gudu alhali girgiza ba ta lafa ba, mai dala 15,625 a ciki yana kallo farashi yana hawa, yana ƙara lodi kaɗan-kaɗan yadda awon ya ba shi izini.