Sharhi a Kan Wasiƙar Wata Mai Yaji

Wata mata mai sana'ar daka yaji ta rubuta wa kamfanin da ya gyara mata tallanta na rediyo wasiƙa. Ƙorafinta ɗaya ne: tallan ya yi kyau, amma ba ita ke magana a ciki ba. A ganinmu tana da gaskiya, kuma nahawu zai ba ta shaida.

Asalin tallan cewa yake: "Ni na soya, ni na daka. In bai yi miki ba, ki dawo mini da shi." Kamfani ya mayar da shi: "Ana sarrafa yajinmu cikin tsafta domin gamsar da abokan ciniki."

A dubi wakilan suna. "Ni" mutum ce sananniya wadda za a iya kamawa da laifi, amma "ana" ba ta nuna kowa. "Miki" ta ware mace guda, mai girki, ta dube ta ido da ido, alhali "abokan ciniki" taro ne marar fuska. Haka nan "soya" da "daka" suna kawo ƙamshi da amon turmi, "sarrafa" kuwa ta dace da siminti ma. Mafi muni, alkawarin karɓar kaya ya ɓace, ga shi kuwa da shi ake sayen amana.

Sai dai wasiƙar ta yi rauni wuri guda. Ta ce "a mayar mini da muryata" ba tare da ta nuna kalmomin da za a mayar ba. Mai gyara ba ya aiki da kuka, sai da misali. Da ta jera jimlolin biyu gefe da gefe, da gardama ta ƙare.