Jinjina ga ɗaliban lauya masu shirin kotun gwaji

Ina jinjina wa ɗaliban da ke shirin gasar Jessup. A wannan gasa ƙasashe biyu na ƙirƙira ke shari'a a gaban Kotun Duniya ta gwaji. Kowane ɓangare minti 45 gare shi, mutum biyu su raba, har da na raddi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke horar da kansu kan katsewar alƙali. Ba sa haddace jawabi, domin mai hadda tambaya ɗaya ke watsa shi. Hujjoji biyu ko uku suke riƙewa a takarda guda, abokansu na yi musu ruwan tambayoyi da gangan.

A ce ɗaliba tana tsakiyar hujjarta, alƙali ya ce, "Al'ada kike kafawa ko yarjejeniya?" Nan take za ta yi shiru, ko da kalma ce a bakinta. Sai ta numfasa, ta ce, "Al'ada ce, ya mai shari'a," ta ambaci sashe na 38 na dokar Kotun, ta nuna aikin ƙasashe da yardarsu cewa doka ce, sannan ta koma inda ta tsaya. Ba ta cewa za ta zo kan batun nan gaba. Idan agogo ya cinye, ta roƙi izinin kammalawa da jimla ɗaya.